Ƙofar suwic ta rufe kanta da an jona sabuwar na'ura: me ya faru, kuma ta ina ake fara bincike?

Abin yakan faru ne kamar haka. Ma'aikaci ya zare kebul daga tsohuwar kwamfutar tebur ya jona a sabuwar laftof, ko kuma an kawo firinta an soka ta a ramin bango da aka daɗe ana amfani da shi. Fitilar netwok ta ɗan haska na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai ta mutu. Ya mayar da kebul ɗin ga tsohuwar kwamfutar da ke aiki lafiya da safe, ita ma shiru. Daga nan sai zargi ya koma kan kebul, ko ramin bango, ko a ce sabuwar na'urar ce ta ƙona wani abu.

A mafi yawan lokuta babu abin da ya ƙone. Suwic ɗin da kebul ya nufa, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis cikin netwok ɗaya, shi ne ya rufe wannan ƙofa da gangan, domin an sa masa doka kuma ya ga an karya ta. Wannan sharhi zai tsaya ne kan suwic na kamfanin Cisco, jerin Catalyst, domin a can ne sunayen da za a gani a allo suka fito. Sauran kamfanoni suna da irin wannan tsari da wasu sunaye. A na'urorin Huawei, misali, ana kiran yanayin `error-down`.

## Rufewa iri uku ce, ba ɗaya ba

Kowane rami da ake soka kebul a jikin suwic ƙofa ce, masu aikin sukan ce mata fot. Ƙofa tana iya daina aiki ta hanya uku, kuma suwic yana rubuta kowacce da sunanta idan aka buga `show interfaces status`.

Idan an ga `notconnect`, suwic ba ya jin kowa a ɗaya bakin kebul ɗin: ko dai babu na'ura, ko tana kashe, ko wayar ta tsinke. Idan an ga `disabled`, mutum ne ya shiga ya rufe ƙofar da hannunsa ta umarnin `shutdown`. Na ukun shi ne `err-disabled`, kuma ma'anarsa ita ce suwic da kansa ya rufe ta bayan ya gano wani abin da aka ce masa kada ya lamunta. A wannan yanayi ƙofar ba ta karɓa, ba ta aikawa, kuma kwamfutar da ke ɗaya ɓangaren za ta nuna kamar an zare kebul ne ɗungurungum.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne wannan yanayi ba ya warwarewa don an janye abin da ya jawo shi. Zare sabuwar na'ura ba ya buɗe ƙofar, mayar da tsohuwa ma haka. A yadda suwic ke fitowa daga kwali, ƙofar za ta ci gaba da zama a rufe har sai mai kula da netwok ya shiga ya buɗe ta, ko kuma suwic ɗin ya mutu ya sake tashi. An yi haka ne don kada matsala ta wuce ba tare da wani ya sani ba.

Sannan `err-disabled` sakamako ne, ba dalili ba. Dalilan da ke kai ƙofa can sun haura goma. Amma idan abin ya faru daidai lokacin da aka jona sabuwar na'ura, biyu ne ke kan gaba a zargi, kuma na farkonsu shi ne tsaron ƙofa.

## Mai gadin da ke ƙirga adireshi

Kowane katin netwok yana da lambar da ake kira adireshin MAC. Tsawonta bit 48 ne, ana rubuta ta da alamomi 12, kuma Cisco kan raba su gida uku kamar haka: `a4bb.6d10.22f1`. Duk saƙon da na'ura ta aika cikin kebul yana ɗauke da wannan lamba a matsayin sunan mai aikowa. Da ita suwic ke gane wa ke bayan wace ƙofa.

Tsaron ƙofa, wanda ake kunnawa da `switchport port-security`, yana gaya wa suwic abu biyu: adireshi nawa aka yarda su shigo ta wannan ƙofa, da kuma abin da za a yi idan wanda ba a lissafa ba ya bayyana. Idan injiniya ya buga wannan layi ɗaya kawai bai ƙara komai ba, suwic zai ɗauki adireshi ɗaya tak a matsayin iyaka, hukuncin karya doka kuma shi ne rufe ƙofa. Yawancin ƙofofin da ke rufe kansu a ofisoshi, wannan tsari na asali ne aka bari yadda yake.

Dalilin ƙirƙiro shi ba ɓoyayye ba ne. Teburin da suwic ke ajiye adireshi a ciki yana da iyaka, dubbai kaɗan a ƙananan na'urori. Akwai manhajoji, irin `macof`, da ke iya kwarara adireshin bogi har teburin ya cika cikin ɗan lokaci, daga nan suwic ya fara watsa saƙonnin da bai san inda za su ba zuwa kowace ƙofa, mai leƙen asiri ya samu abin da yake so. Sanya iyaka a kowace ƙofa yana kashe wannan dabara. Amfani na biyu, wanda ya fi shafar rayuwar yau da kullum, shi ne hana ma'aikata su riƙa kawo nasu ƙananan na'urorin rarraba netwok daga gida suna jonawa a ƙarƙashin tebur.

## Abin da ƙofa ke tunawa, da lokacin da take mantawa

Nan ne gishirin maganar yake. Tambayar da ta fi amfani ba ita ce "me ya sa sabuwar na'ura ta jawo rufewa" ba. Tambayar ita ce: wane adireshi ne ya riga ya cika gurbin, kuma me ya sa ƙofar ba ta mance da shi ba? Amsar ta danganta da yadda adireshin ya shiga tun farko, kuma hanyoyin uku ne.

Akwai wanda injiniya ya rubuta da hannu. Wannan yana nan daram har sai an goge shi, kuma ba kasafai yake ba da mamaki ba tunda wani ya san ya rubuta shi.

Akwai wanda ƙofa ta koya da kanta daga saƙon farko da ya shigo, ba tare da ta rubuta shi cikin saiti ba. Irin wannan yana gogewa da zarar layin ya faɗi. Wato idan ka zare kebul daga kwamfuta ta ɗaya, ƙofar ta ga layi ya mutu, ta share abin da ta koya. Ka jona kwamfuta ta biyu, ta karɓe ta a matsayin sabuwar mai gurbin. Babu laifi, babu rufewa. To amma a lura da sharaɗin: sai layin da ke taɓa suwic ɗin kansa ya faɗi. Idan akwai wani abu a tsakani, misali wayar tarho ta ofis mai ramin kwamfuta a bayanta, ko ƙaramin suwic mai ƙofa biyar, to zare kwamfuta daga bayansu ba lallai ya kashe layin babban suwic ba. Shi a wurinsa tsohuwar kwamfutar tana nan, ta yi shiru ne kawai. Sabuwa na yin magana, lissafi ya haura iyaka.

Na ukun shi ne mai manne wa, wanda ake kunnawa da `switchport port-security mac-address sticky`. A nan ƙofa tana koyon adireshin da kanta, amma sai ta rubuta shi cikin saitin da ke aiki kamar mutum ne ya buga. Zare kebul ba ya goge shi. Wata shida bayan haka, an sayar da tsohuwar kwamfutar ko an kai ta sito, ƙofar tana nan tana jiran ta. Wannan ne ya fi yawan haddasa abin da muke magana a kai, domin wanda ya kunna shi sau da yawa ya manta, ko ma ya bar aikin.

Akwai wani ɗan lungu a nan da ya shafi duk inda wuta ke yawan ɗaukewa. Adireshi mai manne wa yana zama ne a saitin da ke aiki, ba ya shiga saitin dindindin sai an adana da `copy running-config startup-config`. A ce an kunna tsarin, an adana, sannan daga baya kwamfutoci suka zo ƙofofi suka koye su, amma ba a sake adanawa ba. Ranar da wuta ta ɗauke batirin ajiya ya ƙare, suwic zai tashi da ƙofofin da suka manta kowa, kuma duk na'urar da ta fara magana a kowace ƙofa ita ce za ta zama mai gida. Shi ya sa wani lokaci za a ji an ce matsalar ta gyara kanta bayan an dawo da wuta. Ba gyaruwa ta yi ba, mai gurbin ne ya sauya, kuma rajistar da ke cikin ƙwaƙwalwar suwic, wadda da ita za a gane abin da ya faru, ta tafi tare da wutar. In kuwa an adana adireshin, ƙofar za ta tashi a buɗe, sabuwar na'ura ta aika saƙo ɗaya, ta sake rufewa.

Hanyar karya doka kuma ba cika lissafi kaɗai ba ce. Idan adireshi yana rubuce a wata ƙofa mai tsaro, sai ya bayyana a wata ƙofar mai tsaro cikin VLAN ɗaya, wato ɓangaren netwok ɗaya da aka ware a cikin suwic, wannan ma laifi ne, ko da ƙofa ta biyun tana da gurbi a buɗe. Ma'aikacin da aka sauya wa ofis ya ɗauki kwamfutarsa ya jona a sabon tebur yakan faɗa wannan tarko: sabuwar ƙofar ce za ta rufe, alhali maganin yana can a tsohuwar da ke riƙe da adireshinsa.

## Bin sawu: misalin ƙofa ta 14

Mu ɗauki misali. A wani ofis an ba ma'aikaciya sabuwar laftof a madadin kwamfutar tebur. Ramin bangonta yana zuwa ƙofa ta 14 ta suwic, cikin VLAN 20. Ta jona, layi ya mutu, ta kira injiniya.

Kuskuren da aka fi yi a wannan gaɓa shi ne gaggawar buɗe ƙofar. Buɗewa tana mayar da ƙididdigar laifi zuwa sifili, wato an share wani ɓangare na shaida kafin a karanta. Abu na farko shi ne tambayar suwic dalilinsa:

```
show interfaces status err-disabled
```

Wannan zai jero ƙofofin da ke cikin yanayin, da dalilin kowacce a ƙarƙashin `Reason`. A misalinmu an ga `psecure-violation` a gaban `Gi1/0/14`, to an tabbatar tsaron ƙofa ne. Sai a duba rajista da `show logging`, inda za a tarar da layuka biyu masu kama da waɗannan:

```
%PM-4-ERR_DISABLE: psecure-violation error detected on Gi1/0/14,
 putting Gi1/0/14 in err-disable state
%PORT_SECURITY-2-PSECURE_VIOLATION: Security violation occurred,
 caused by MAC address 3c52.82aa.0b17 on port GigabitEthernet1/0/14.
```

Layi na biyu ya ba da sunan wanda ya jawo abin. Yanzu saura a san wa ke riƙe da gurbin. Umarnin `show port-security interface gi1/0/14` zai nuna, a taƙaice:

```
Port Status                : Secure-shutdown
Violation Mode             : Shutdown
Maximum MAC Addresses      : 1
Sticky MAC Addresses       : 1
Last Source Address:Vlan   : 3c52.82aa.0b17:20
Security Violation Count   : 1
```

Labarin ya fito fili. Iyaka ɗaya ce, akwai adireshi ɗaya da ya manne, kuma na ƙarshe da aka ji daban yake. `show port-security address` zai nuna wanda ya mannen, a nan `a4bb.6d10.22f1`, na tsohuwar kwamfutar.

Kafin a gyara, akwai matakin da bai kamata a tsallake ba: a tabbatar adireshin da ke cikin rajista na laftof ɗin ne da gaske. A Windows, `ipconfig /all` yana nuna shi a layin `Physical Address`. A duba na katin kebul, ba na wayales ba, domin kowanne da nasa. Idan laftof ɗin ba ta da ramin kebul, ta adafta aka jona ta, to adireshin yawanci na adaftar ne, kuma ranar da aka ari wata adaftar ƙofa za ta ga baƙo. In lambobin suka dace, an san na'urar halas ce, sai a goge tsohon adireshi a buɗe ƙofa:

```
clear port-security sticky interface gi1/0/14
configure terminal
 interface gi1/0/14
  shutdown
  no shutdown
end
copy running-config startup-config
```

Jerin yana da muhimmanci. Buga `no shutdown` shi kaɗai ba ya fitar da ƙofa daga `err-disabled`, sai an fara da `shutdown`. Buɗewa ba tare da goge tsohon adireshi ba kuwa aikin banza ne, ƙofar za ta tashi ta sake faɗuwa da saƙon farko. Adanawa kuma a jinkirta ta har sai an ga ƙofar ta koyi sabon adireshin, don a adana shi tare.

A ce an yi duk wannan, ma'aikaciyar ta yi aiki lafiya har bayan azahar, sai ƙofar ta sake rufewa alhali ba ta taɓa kebul ba. Rajista wannan karon ta ambaci `0800.27c4.19e2`. Alamomi shida na farkon adireshi suna nuna wanda hukumar IEEE ta ba wannan rukunin lambobi, kuma `0800.27` na manhajar VirtualBox ne. Wato ta kunna wata kwamfuta ta cikin kwamfuta, an kuma saita katin wannan kwamfutar ya fita netwok kai tsaye da nasa adireshin. Kebul ɗaya, na'ura ɗaya a ido, amma adireshi biyu a wurin suwic. Da VMware ce da an ga `0050.56` ko `000c.29`, da Hyper-V ce kuma `0015.5d`. Maganin a nan zaɓi ne: ko a ɗaga iyaka da `switchport port-security maximum 2`, ko a sauya saitin manhajar ta riƙa fita ta bayan adireshin laftof ɗin, yanayin da ake kira NAT.

Wata alama mai amfani: idan alama ta biyu a adireshin da ya jawo laifi 2 ce, ko 6, ko A, ko E, ba adireshin masana'anta ba ne, manhaja ce ta ƙirƙira shi. Wayoyin hannu tun daga Android 10 da iOS 14 suna amfani da irin wannan a wayales. Ganinsa a ƙofar kebul yana nuna akwai yiwuwar wani ya jona na'urar wayales a wurin, wadda ke miƙo wayoyin mutane kai tsaye cikin netwok ɗin ofis.

## Idan dalilin ba adireshi ba ne

Mai zargi na biyu yana bayyana da sunan `bpduguard` a ƙarƙashin `Reason`. Na'urorin suwic suna aika wa juna wani ɗan saƙo da ake kira BPDU duk bayan daƙiƙa biyu, don su gano ko an yi zobe a wayoyi su toshe shi. Kwamfuta ko firinta ba ta aika irin wannan saƙo. Don haka ƙofar da aka ware wa ma'aikata, aka kuma sa mata wannan kariya, tana rufewa da ta ji guda ɗaya. Rajista za ta nuna `%SPANTREE-2-BLOCK_BPDUGUARD`.

Daga waje alamun iri ɗaya ne da na tsaron ƙofa, amma maganin daban. Goge adireshi ba zai yi komai ba. Abin nema shi ne suwic ɗin da aka jona, ko kebul ɗin da wani ya ga yana reto ya soka bakinsa a wani ramin bango, ya haɗa ƙofa biyu da juna. Cire kariyar don kawai layi ya dawo haɗari ne na gaske, domin zobe ɗaya yana iya durƙusar da netwok ɗin ginin baki ɗaya cikin daƙiƙoƙi.

Akwai kuma `link-flap`, wanda ke faruwa idan layi ya yi ta faɗuwa yana tashi, a tsarin asali fiye da sau biyar cikin daƙiƙa goma. Cikin dalilan ukun nan, a wannan kaɗai ne zargin kebul ko kan waya da ba a matse da kyau ba yake da tushe.

## Rufewa, toshewa, ko barin tsarin gaba ɗaya?

Rufe ƙofa ba shi ne hukunci ɗaya tilo ba. Da `switchport port-security violation restrict`, suwic yana zubar da saƙonnin baƙon adireshi, ya rubuta a rajista, ya ƙara ƙididdiga, amma ƙofar na nan a buɗe ga mai gurbin. Da `protect` kuma yana zubarwa shiru, babu rubutu, babu ƙididdiga.

Masu goyon bayan rufewa suna cewa hukuncin da ba a ji zafinsa ba, ba a gyara musabbabinsa. Idan ƙofa ta mutu, dole wani ya kira, dole injiniya ya duba, kuma na'urar da ba a yarda da ita ba ba ta samu ko daƙiƙa ta biyu ba. A wurare irin ramin bango na ɗakin jira, ko ƙofar kyamarar tsaro da ke waje, wannan hujja tana da ƙarfi, domin babu wani dalili na halas da zai sa adireshi ya sauya a can.

Masu son `restrict` suna kallon wanda hukuncin ke faɗa wa. Idan waya da kwamfuta suna kan ƙofa ɗaya, baƙo ɗaya yana kashe su duka. Kuma duk mai mugun nufi da ya san dokar zai iya zagaya ofis da laftof yana kashe ramuka ɗaya bayan ɗaya. Raunin nasu matsayin shi ne ya dogara ga samun mai karanta rajista. Inda babu, laifin zai yi ta maimaituwa ba wanda ya sani. Shi kuwa `protect` kusan kowa ya yarda shi ya fi wahalar bincike: fitila kore, ƙofa a buɗe, na'ura ba ta samun adireshin IP, kuma babu ko layi ɗaya da zai faɗi dalili.

Akwai matsakaiciyar hanya, wato a bar rufewa amma a sa suwic ya buɗe da kansa:

```
errdisable recovery cause psecure-violation
errdisable recovery interval 300
```

Daƙiƙa 300 shi ne lokacin asali, ana iya sa daga 30 zuwa 86400, kuma dokar tana hawa kan dukan ƙofofin suwic ɗin ne, ba ɗaya ba. Tana rage kiran waya idan wanda ya jona baƙuwar na'ura ya riga ya zare ta. In bai zare ba, ƙofar za ta riƙa tashi tana faɗuwa duk bayan minti biyar, mai amfani kuma zai kawo ƙorafin cewa netwok na zuwa yana ɗaukewa, wanda ke karkatar da bincike wani wajen. A ƙofar da ba ta manne adireshi kuma akwai wani abin: faɗuwar ta share gurbin, don haka idan ta tashi, baƙon yana iya riga mai gida magana ya karɓe wurin.

Ga matsalar na'urar da ta tafi daga bayan waya ko ƙaramin suwic, ana sa wa adireshi wa'adi: `switchport port-security aging time 5` tare da `switchport port-security aging type inactivity` suna sa a manta da wanda ya yi shiru minti biyar. Wannan bai shafi adireshi mai manne wa ba. A ƙofar da ke ɗauke da waya da kwamfuta kuwa iyaka ba za ta gaza biyu ba, injiniyoyi da yawa ma uku suke sawa, saboda wasu wayoyin sukan fara bayyana a VLAN na kwamfuta kafin su koma nasu.

Ra'ayi na uku yana cewa gardamar duka kan ƙaramin abu ake yinta, domin adireshin MAC ba shaidar kowa ba ce. Ana sauya shi cikin minti ɗaya, kuma firintoci da wayoyi da yawa suna ɗauke da nasu a rubuce a takardar da ke manne a jikinsu. Rawutar gida, wato na'urar rarraba intanet, da aka jona ta ramin intanet ɗinta ma adireshi ɗaya kawai take nunawa, ko da mutum ashirin ne a bayanta, ta wuce iyakar ɗaya lafiya lau. Masu wannan ra'ayi suna nuni ga 802.1X, ƙa'idar IEEE da ta fito a 2001, wadda ke sa na'ura ta gabatar da suna da kalmar sirri ko takardar shaida ga sabar RADIUS, wato kwamfutar da ke tantance masu shiga, kafin ƙofa ta buɗe mata. Ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tana buƙatar saba, da saiti a kowace kwamfuta, da wanda zai kula da su, abin da ƙaramar makaranta ko asibiti mai suwic biyu ba lallai su iya ɗauka ba. Idan aka auna, tsaron ƙofa yana da kyau wajen taƙaita yawan adireshi, yana da rauni wajen tantance mai shi, kuma mafi yawan rufewar da ke damun ofisoshi tana zuwa ne daga ɗora masa aiki na biyun ta hanyar iyaka ɗaya mai manne wa.

## Abin da wannan ke nufi ga mai zaune a tebur

Wanda ba shi da ikon shiga suwic ba zai iya buɗe ƙofar ba, komai yawan zarewa da mayarwa. Abin da ya fi muni shi ne ya ɗauki na'urar ya shiga gwada ta a ramin maƙwabcinsa, sannan na gaba. Idan dokar ɗaya ce a duk ƙofofin, cikin minti biyu zai kashe layin mutum huɗu, har da wayoyinsu. Kashe suwic a kunna shi ma ba dabara ba ce: yana katse kowa, yana share rajista, kuma in an adana adireshin ba zai magance komai ba.

Abin da ke gaggauta gyara bayani ne guda uku ga injiniya: lambar da ke rubuce a ramin bango, me aka jona, da ƙarfe nawa. Gaskiya a kan na biyun ita ce ta fi rage wahala, tunda rajista ta riga ta rubuta adireshin, ɓoye cewa an soka rawuta ko laftof ta gida ba abin da zai ƙara sai tsawon bincike. Lokacin kuma yana amfani ne kawai idan agogon suwic daidai yake, shi ya sa ake haɗa shi da sabar lokaci ta NTP, a kuma tura rajistarsa zuwa wata kwamfuta ta daban inda ɗaukewar wuta ba za ta goge ta ba.

A ofishin da ake shirin sauya kwamfutoci da yawa ko sauya wa ma'aikata wurin zama, a sanar da mai kula da netwok kwana ɗaya kafin ranar. Zai goge adireshin da suka manne a ƙofofin da abin ya shafa tun da yamma, ya bar su su koyi sababbi da safe, ya duba jerin da `show port-security address`, sannan ya adana.